Ƙurajen haɓa da muƙamuƙi bayan an girma: yadda za ki gane su da yadda ake bi da su daki-daki

Tambayar da na fi ji daga mata a wajen aiki, ni da nake aikin jinya, ba ta wuce wannan ba: "Anti ni fa na wuce shekarun fimfus, aure na shekara tara, 'ya'yana uku, me ya kawo min ƙurajen 'yan sakandare?" Amsar da nake bayarwa kullum ita ce ba na 'yan sakandare ba ne, kama kawai suka yi. Kuma tun daga nan ake kuskure, don mace sai ta koma kan abin da ya yi mata aiki tana 'yar sha shida, sabulu mai ƙarfi, dirza, lemun tsami, ta yi ta busar da fuskar da dama can ba maiƙo ne ya yi mata yawa ba, wata shida ta duba madubi ta ga ƙurajen na nan ga baƙin tabo ya ƙaru a kai.

Toh bari mu bi abin a hankali, daga ganewa har zuwa maganin sha.

Fara da duba inda suke fitowa da lokacin da suke fitowa

Na balaga sun fi son goshi da hanci da saman kumatu, fuskar tana ƙyalli da maiƙo, akwai ƙananan masu baƙin kai da masu farin kai birjik, kuma yawanci suna lafawa da kansu in aka shiga shekara ashirin da wani abu. Na manya kuwa, wato mace ta haura 25 suna nan ko ma a lokacin suka fara, sun fi zama a ƙasan fuska: haɓa, layin muƙamuƙi, gefen baki, wani lokaci har saman wuya. Ba su da yawa sosai, uku ne ko biyar, amma kowanne da nauyinsa. Kafin ki gan shi za ki ji shi, kina alwala hannunki ya bi ta wajen ki ji zafi can ciki kamar an binne tsakuwa, ya yi sati ɗaya ko biyu bai yi baki ba, ki matsa ba abin da zai fito sai ruwa-ruwa da jini, ya tafi ya bar miki tabon da zai yi watanni. Kuma sau da yawa wuri ɗaya yake dawowa. Ba ina cewa babbar mace ba ta yin na goshi ba, tana yi, da yawa ma suna haɗa duka biyun, amma in kin ga ƙasan fuska ne ya fi shan wahala to ki sa alama.

Alama ta biyu ita ce kalanda. Ki ɗauki takarda ko wayarki, wata biyu zuwa uku, ki dinga rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da sabon ƙurji ya taso. Mata da yawa sai sun rubuta suke ganin ashe abin yana da tsari, kamar sati ɗaya kafin jini ya zo yake tasowa, jinin na zuwa ya fara kwanciya. Ki haɗa da hoto duk sati, a wuri ɗaya, hasken taga na safe, ba hoda ba filta, gaba da gefe da gefe. Wannan hoton zai yi miki amfani fiye da yadda kike zato, don ido yana mantuwa, ranar da ƙurji ɗaya ya ɓata miki rai sai ki ga kamar maganin bai yi komai ba alhali a da guda shida ne.

Me ke faruwa a ciki? Kowace mace jikinta na yin ɗan homon irin na maza, ana ce masa andirojin, shi ne yake sa 'yan jakunkunan maiƙo da ke ƙarƙashin fata su yi aiki. In maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a fata su samu wurin zama, sai kumburi. Abin da mutane ba su sani ba shine yawancin matan da ke da wannan matsalar in aka auna jininsu homon ɗin daidai yake, fatarsu ce kawai take saurin amsa masa. Shi ya sa ba kowa ke buƙatar gwajin jini ba, kar a karɓe miki kuɗi a banza.

Wadda ke buƙatar gwaji ita ce wadda ƙurajen suka zo da rakiya. Al'ada na tsallake, ta wuce kwana 35 ba ta zo ba ko a shekara ba ta kai sau takwas, gashi mai kauri na fitowa a haɓa ko ƙirji ko ƙasan cibiya, gashin tsakiyar kai na raguwa, bayan wuya ya yi baƙi da kauri kamar datti amma baya fita da soso, ko an daɗe ana neman haihuwa shiru. Waɗannan na iya zama alamun PCOS, wato matsalar rikicewar homon da ke shafar ƙwan mace, kuma likitan mata za ki gani a yi sikanin da gwajin jini har da na suga, don a nan ƙurajen reshe ne kawai. In kuma cikin 'yan watanni murya ta buɗe ta yi kauri, gashi ya taso da sauri, wannan ba na jira ba ne, a satin za ki je asibiti.

Mataki na biyu, kwashe abin da ke hura wutar

Nan zan daɗe, don a wajenmu rabin matsalar a nan take.

Ki kwaso duk abin da kike shafawa ki zube a kan gado ki karanta jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da kike nema shi ne sitiroyid, wani sinadari mai kwantar da kumburi, sunayensa yadda ake rubuta su a jikin tub na tafe a gaba. Yana cikin 'yan tub ɗin nan na kemis da ake cewa suna maganin komai, ƙaiƙayi, makero, ƙuraje, yana cikin mayukan bilicin da yawa, yana kuma cikin haɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba lambar NAFDAC ana cewa na gargajiya ne zalla. Yaudarar sitiroyid ita ce yana aiki, kwana uku zuwa biyar fuska ta kwanta ta yi haske ki ce kin samu magani. Kin daina, su dawo ninki biyu. Kin koma, su kwanta. A haka ake shekara, fata ta yi siriri, jijiyoyi ja su bayyana a kumatu, rana ta taɓa ki ki ji kamar barkono. Yadda za ki gane ƙurajen sitiroyid: ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya kamar an watsa gero, sun fito lokaci guda, ba ruwansu da kalandar al'ada. Haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, yawanci akwai deksa a ciki, shi ma sitiroyid ne, yana fesa ƙuraje a fuska da ƙirji da baya.

In tub ɗin fuska ne na ɗan lokaci, ki ajiye shi, ki kuma shirya wa sati biyu zuwa huɗu na wahala, ja da zafi da ɓarewa, abin zai ƙara muni kafin ya lafa kuma a nan ne mata ke karaya su koma. Amma in kin yi watanni kina shafa mai ƙarfi a duk jiki, ko kina shan ƙwayar, don Allah kar ki yanke rana ɗaya, jiki ya riga ya saba har ya rage yin nasa, likita ne zai dinga rage miki a hankali.

Sai tsarin iyali. Allurar wata uku, ashanar hannu, robar mahaifa mai homon, da ƙwayar masu shayarwa, duk homon iri ɗaya ne a cikinsu, babu istirojin wato ɗayan homon ɗin mata, kuma wasu matan yana taso musu da ƙuraje. Ba kowa ba, wata za ta yi shekara uku da na hannu fuskarta sumul. Amma ki tambayi kanki, yaushe abin ya fara? In watanni kaɗan ne bayan an saka miki, to ki koma inda aka saka ki faɗa musu, akwai zaɓi, ciki har da robar mahaifa ta tagulla wadda ba homon a jikinta sam. Kar ki cire ki zauna haka nan, za ki ji dalili a gaba.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Man kitso da basilin da man kwakwa da ke gangarowa gefen fuska. Hijabi ko niƙabi da ke matse haɓa, ga gumi ga fandeshan, a saka shi kwana uku ba wanki, layin da ɗinkin ke bi shi ne layin da ƙurajen ke bi. Dilka da halawa a kan fuskar da ke da kumburi, wannan kam a bari sai ta warke. Tsige gashin haɓa, wanda shi ma yana kawo wasu ƙuraje daban, gashi ne ke lanƙwashewa ya koma ciki. Maganar abinci kuwa gajeriya ce: lemon kwalba, kayan zaƙi da madara suna ƙara wa wasu, ki gwada ragewa wata biyu ki gani, amma gyaɗa da mai da ake ta zargi ba su ne tushen abin ba, kuma ban taɓa ganin wadda ƙurajen muƙamuƙi masu zurfi suka bari don ta daina cin ƙuli ba.

Mataki na uku, tambayar da ke raba hanya

Kina da ciki, ko kina nema, ko zai iya shiga ba shiri? Ki amsa wa kanki tsakani da Allah kafin ki sayi komai, saboda magungunan da suka fi aiki a kan irin waɗannan ƙurajen kusan duk ba sa shiri da juna biyu. 'Yar sha biyar ba ta da wannan lissafin, ke kina da shi, kuma shi ne babban bambancin maganin manya da na yara.

In amsar eh ce, hanyarki gajeriya ce: azelaik asid, sai benzoyil feroksaid kaɗan in an amince miki a wajen awo, da haƙuri. In amsar a'a ce kuma kina da kariya tabbatacciya daga ɗaukar ciki, duk ƙofofin da zan ambata a buɗe suke.

Tunda kan tub da kwali da harshen waje ake rubutawa, ga sunayen yadda za ki buga su a waya ki nuna a famasi: masu amfani su ne adapalene, azelaic acid, benzoyl peroxide, spironolactone, doxycycline, isotretinoin. Waɗanda za ki guje wa a fuska kuma clobetasol, betamethasone, dexamethasone.

Mataki na huɗu, na shafawa, sati goma sha biyu cur

Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, da abin wanki mai laushi, da tafin hannu, ba soso ba. In kin wanke kin ji fuskar ta ɗaure kamar ganga to sabulun ya yi miki ƙarfi, sabulun salo ma yana yi wa da yawa haka. Alwala ruwa ne zalla ba ta da matsala, sai dai ki dinga maida ɗan man laushi bayanta lokacin hunturu.

Da dare adafalin, mai 0.1 cikin ɗari. Ki wanke, ki bari fuskar ta bushe sarai kamar minti ashirin, ki matso kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya tak, ki ɗiga a goshi, kumatu biyu, haɓa, ki baje a duk wurin da ƙurajen suka saba fitowa, ki kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Ki lura, ba a kan ƙurjin ake ɗora shi ba kamar yadda muke ɗiga makilin, aikinsa hana na gobe fitowa ne, don wanda kike gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙasa. Sati biyun farko dare biyu kawai a sati, misali Litinin da Alhamis. Fuska ta karɓa, ki koma dare ɗaya a shafa ɗaya a huta. Sai a wata na biyu ki gwada kullum, in ba ta ɗauka ba ki tsaya a inda take ɗauka, ba gasa ba ce. Fatar 'yar talatin ba ta da juriyar ta 'yar sha biyar, kuma a baƙar fata duk wani ƙonewa da magani ya yi tabo ne zai zama, kinga an gudu ba a tsira ba. Ɗan bushewa da ɓarewa kaɗan daidai ne. Zafi mai raɗaɗi, ja, ko fata ta yi sheƙi kamar leda, wannan ya yi yawa, ki tsaya kwana huɗu ko biyar kina shafa man laushi kawai sannan ki dawo a hankali, ki fara sa man laushin a ƙasa kafin maganin.

Da safe azelaik asid, mai 15 ko 20 cikin ɗari. Ni wannan nake fifitawa ga matanmu saboda jifa ɗaya tsuntsu biyu ne, yana rage kumburi yana kuma dusar da baƙin tabo ba tare da ya yi bilicin ɗin sauran fuskar ba. Yana ɗan tsikari mintunan farko, yana wucewa. Benzoyil feroksaid kuma yana kashe ƙwayoyin cutar, ya fi dacewa in akwai masu ja da farin baki da yawa, ki nemi mai 2.5 ko 5, mai 10 ƙonewa kawai zai ƙara miki. In yana busar da ke ki shafa ki bar shi minti biyu zuwa biyar ki wanke. Ki sani yana cinye kalar kaya, hijabi mai ruwan toka zai dawo da tambari ruwan lemo daidai haɓa, tawul da rigar filo ma haka, ki ware farare. Kar ki fara ukun a sati ɗaya, ki ba kowanne tazarar sati biyu, in wani ya ƙi ki za ki san wanne ne.

A saman komai da safe man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Na san ana cewa baƙar fata ba ta buƙata, amma tabon nan rana ce abincinsa, kina dusar da shi da dare tana maida shi da rana.

Babban ƙurji ya taso ana saura kwana biyu biki? Ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta minti biyar, sau biyu ko uku a rana, ki cire hannunki daga kansa. Mai zurfi ba shi da ƙofa, matsawa cikin nama take fasa shi, kuma muƙamuƙi wuri ne da wasu ke yin tabo mai tudu wanda ya fi ƙurjin wuyar magani.

Sati huɗu zuwa shida na farko za ki iya ganin kamar ba canji ko ma sun ɗan ƙaru. Sai sati na goma sha biyu za ki jera hotunanki ki yanke hukunci.

Mataki na biyar, in na shafawa bai isa ba

Gaskiya ga masu zurfin nan na muƙamuƙi sau da yawa baya isa shi kaɗai, don daga ciki ake turo su. Nan ne sai da likita, in da hali likitan fata, ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko Shika. Ki tafi da hotunanki da kalandarki da duk tub ɗin da kika taɓa shafawa, har wanda kike jin kunyarsa.

Abin da aka fi saurin miƙa wa mutum shi ne doksisaikilin, kuma yana kwantar da kumburi, amma gada ce ba gida ba. Wata uku ake so, in ya yi tsawo shida, tare da na shafawa, ba shi kaɗai ba. A sha da ruwa cikakken kofi, kar a kwanta sai bayan rabin awa don yana ƙona maƙoshi, a raba shi da maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da awanni, mai ciki ba ta sha. Matsalarsa ga babbar mace ita ce bai taɓa homon ɗin ba, ana dainawa su dawo, shi ya sa za ki ga mace ta shekara biyu tana saye a kemis tana sha tana dainawa. Wannan ba magani ba ne kuma.

Masu zuwa tushen biyu ne. Na farko ƙwayar tsarin iyali mai haɗin homon biyu, wadda ke da istirojin, tana rage andirojin da ke yawo a jini, wata uku zuwa shida ake ganin aikinta, ga wadda dama tana son tazara ta huta da abu biyu. Amma ba ta kowa ba ce: mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido kafin ya sauka, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, mai shekara 35 zuwa sama da ke shan taba ko shisha, wadda ta taɓa ciwon dajin mama, da mai jego a farkon shayarwa, duk ba su sha. Sai an auna jininki an yi miki waɗannan tambayoyin, ba a aron ta wajen ƙawa.

Na biyu sifironolakton. Asalinsa maganin hawan jini da kumburi ne mai sa fitsari, sai aka gano yana tare andirojin kafin ya isa jakar maiƙo. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya da mata 410, an fara musu da miligiram 50 a rana sati shida aka ɗaga zuwa 100, kuma bambanci tsakaninsu da waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani ya fi fitowa a sati na 24 fiye da na 12. Ma'ana abin jira ne, wadda ta watsar a wata na biyu ba ta ba shi dama ba. Yana iya kawo yawan fitsari, jiri in kin miƙe da sauri, ciwon kai, nauyin mama, da rikicewar al'ada. Yana tara gishirin fotasiyam a jini, don haka mai ciwon ƙoda, mai shan wasu magungunan hawan jini irin lisinofiril ko losatan, da wadda ta haura 45 sai da gwajin jini, kuma kar a haɗa shi da saftirin. Da azumi ko zafin bazara ki tambayi likita ya maida miki shi bayan shan ruwa. Sharaɗinsa babba shi ne kar ciki ya shiga, don yana iya taɓa halittar ɗa namiji a mahaifa. Kuma riƙewa yake ba warkarwa ba, wasu in sun daina abin yana dawowa a hankali.

Isotiretinoyin shi ne na ƙarshe, na masu manyan ƙullutu da ke barin rami ko waɗanda komai ya gaza. Yana aiki ƙwarai amma yana nakasa jariri mummunar nakasa, dole kariya mai ƙarfi tun wata ɗaya kafin a fara, duk tsawon shan, da wata ɗaya bayan an gama, da gwajin ciki a kai a kai, ba a kuma haɗa shi da doksisaikilin. Wallahi ina ganin ana tallarsa a waya kamar alewa kuma raina yana ɓaci, don matar aure ce za ta saya ba wanda ya tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe.

Yadda ta kasance da wata maƙwabciyata

Shekararta 32, ba ta yi wasu ƙuraje ba ko tana budurwa. Bayan ta yaye na ukun aka saka mata na hannu, wajen wata huɗu sai ga su a layin muƙamuƙi. Aka ba ta ɗan tub a kemis, kwana biyar fuska ta yi tas, ta ci gaba da shi wata bakwai, har ranar da ta shigo min da magariba ta ɗage hijabi ta ce "Maman yara dubi abin da na zama." Iri biyu na gani a fuskar, manya huɗu masu zurfi a haɓa, da ƙananan nan masu kama ɗaya sun cika kumatu, fatar na sheƙi. Na juya tub ɗin, ga sitiroyid a rubuce na biyu a jerin.

Watan farko ba mu sa komai ba sai abin wanki mai laushi, man laushi da na rana. Sati na biyu ta kira ni tana kuka fuska ta yi ja ta kumbura tana so ta koma wa tub ɗin, na ce ta kawo min shi na ajiye a wajena. Sati na biyar ƙananan suka ɓace, manyan na nan, wato yanzu ne ainihin ciwon ya fito fili. Ta fara azelaik da safe, bayan sati biyu adafalin dare biyu a sati, ba ta taɓa wuce dare ɗaya a shafa ɗaya a huta ba don fatarta ta riga ta yi laushi. A wajen tsarin iyali aka tambaye ta ciwon kai, ta ce tana yin na ɓari ɗaya kuma kafin ya zo tana ganin wani zare-zare mai ƙyalli, nan take aka ce ƙwaya mai istirojin ba tata ba ce, aka cire na hannun aka saka mata ta tagulla. Da wannan kariyar ne likitan fata ya yarda ya rubuta mata sifironolakton 50, ya ɗaga zuwa 100 da ya ga ba jiri.

A wata na uku da fara sha hoton ya nuna biyu maimakon huɗu, kuma ba sa kai sati. Ita ba ta gamsu ba sai da na jera mata hotunan gefe da gefe a waya. A wata na shida ɗaya ne ƙarami kafin al'ada, wani watan ma babu. Tabon ne ya fi jinkiri, na kumatu ya dushe, biyu na haɓa inda ta fi matsawa har yanzu ana ganinsu in ba hoda, tana nan kan azelaik da man rana. Da suka fara maganar ƙarin haihuwa ita da maigidan, kafin a cire robar sai da ta koma wajen likitan ya tsayar da sifironolakton da adafalin, ya ce ta dawo bayan wata ɗaya tukun, ya bar ta da azelaik kaɗai.